Yadda za ka tace kasafin kuɗi kafin ka miƙa shi: lissafi, jimla, da abin da aka ɗauka ba a rubuta ba

Kasafin kuɗin da za a miƙa wa masu ba da tallafi yakan lalace ta hanyoyi uku, kuma kowace da irin dubawar da take kama ta. Akwai kuskuren lissafi a cikin layi ɗaya, akwai jimlar da ba ta tattaro duk abin da ke samanta ba, sannan akwai abin da mai rubutu ya ɗauka a ransa bai rubuta ba. Yawancin mutane sukan haɗa ukun a karatu ɗaya, su bi takardar da ido daga sama zuwa ƙasa, su ce komai ya yi daidai. Ido ba ya kama iri uku a lokaci guda. Abin da ke aiki shi ne a bi kasafin sau uku, kowane zagaye da tambaya ɗaya tak, kuma a jere: layuka tukuna, sannan jimla, sannan zato.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Wata ƙaramar ƙungiya tana neman tallafi don horar da malaman firamare 40 daga makarantu 8 na kwana uku, sannan a riƙa kai musu ziyarar bibiya har wata shida. Masu tallafin sun ce ba za su ba da abin da ya wuce naira 4,000,000 ba, kuma kuɗin gudanar da ofis kada ya haura kashi 7 cikin ɗari na kuɗin aikin kansa. Farashin da ke ƙasa na misali ne kawai, kowa ya sa na garinsa. Ga yadda kasafin yake a Excel lokacin da aka kawo shi dubawa:

| Layi | B: abin da za a kashe wa kuɗi | C: adadi | D: sau nawa | E: farashin ɗaya | F: jimla |
|---|---|---|---|---|---|
| 5 | Jami'in shiri | 1 | 6 | 150,000 | 900,000 |
| 6 | Akanta, rabin lokaci | 0.5 | 6 | 120,000 | 360,000 |
| 7 | Jimlar albashi | | | | 1,260,000 |
| 9 | Hayar zaure | 1 | 3 | 80,000 | 240,000 |
| 10 | Abinci | 40 | 3 | 5,000 | 600,000 |
| 11 | Kuɗin mota na mahalarta | 40 | 3 | 3,000 | 360,000 |
| 12 | Masu horarwa | 2 | 3 | 50,000 | 300,000 |
| 13 | Kayan rubutu da littafin horo | 40 | 1 | 4,500 | 180,000 |
| 14 | Jimlar horo | | | | 1,500,000 |
| 16 | Hayar motar bibiya | 1 | 12 | 45,000 | 450,000 |
| 17 | Alawus ɗin masu bibiya | 2 | 12 | 6,000 | 144,000 |
| 18 | Jimlar bibiya | | | | 594,000 |
| 20 | Jimlar kuɗin aiki | | | | 3,354,000 |
| 21 | Kuɗin ofis, kashi 7 | | | | 234,780 |
| 22 | Babbar jimla | | | | 3,588,780 |

A ido, kasafi ne mai tsafta, kuma yana ƙasa da iyaka da fiye da naira dubu ɗari huɗu. Kafin ka taɓa komai, yi kwafin fayil ɗin ka sa masa kwanan wata, ka yi aiki a kan kwafin. Sannan ka ajiye takarda a gefe inda za ka rubuta duk kuskuren da ka gano da yawan kuɗin da ya shafa. Amfanin wannan takarda zai fito daga baya, lokacin da shugabar ƙungiya ta tambaye ka dalilin da ya sa jimlar da ta sani jiya ba ita ce ta yau ba.

Zagaye na farko: kowane layi shi kaɗai

Tambayar wannan zagaye ɗaya ce: adadi sau lokuta sau farashi, shi ne abin da ke cikin akwatin jimla? Kada ka dogara da cewa na'ura ce ta yi lissafin. Na'ura tana lissafa akwatin da ke ɗauke da fomula ne kawai, kuma a kusan kowane kasafin da ya ratsa hannun mutum biyu ko uku akwai akwatin da wani ya share fomularsa ya buga lamba da hannu. A allo ba su da bambanci.

Hanya mafi sauri ta ganin su ita ce ka shiga Formulas ka danna Show Formulas. Duk ginshiƙin F zai koma fomuloli, sai akwatin da aka buga da hannu ya tsaya tsirara da lambarsa a tsakiyarsu. A misalinmu layi na 16 ne. Amma ganin lambar hannu bai gaya maka ko daidai take ba, don haka ka buɗe sabon ginshiƙi a G ka rubuta wannan a layi na 5, ka ja shi zuwa ƙasa a kan layukan da ke da farashi:

```
=C5*D5*E5-F5
```

Ko'ina ya kamata ya ba da sifili. A layi na 16 zai ba da 90,000, domin tafiya 12 a kan 45,000 naira 540,000 ce, ba 450,000 ba. Wani ya lissafa a waya, ya zo bugawa ya juya 5 da 4.

Masu riƙe littafin kuɗi suna da tsohuwar dabara a kan irin wannan. Idan bambancin da ke tsakanin lambobi biyu yana rabuwa da tara ba saura, to ka fara zargin an juya lambobi biyu ko an ƙara sifili ko an rage. Daga 540,000 zuwa 450,000 akwai 90,000, tara na shiga. Wanda ya buga 45,000 a maimakon 450,000 zai bar giɓin 405,000, shi ma tara na shiga. Alama ce dai, ba hujja ba, don akwai lambobi da yawa da tara ke shiga ba tare da an juya komai ba. Tana nuna maka inda za ka fara haska tocila ne kawai.

Akwai wani abu da ke ɓoye a wannan mataki wanda ya fi juya lamba wahalar gani: lambar da na'ura ta ɗauka a matsayin rubutu. Yakan faru idan an kwafo farashi daga saƙon waya ko daga wata takarda, ko an rubuta N a gaban lambar, ko an buga harafin O a wurin sifili. Irin wannan akwati yakan jingina hagu alhali 'yan'uwansa suna dama, wani lokaci da ɗan koren alama a kusurwarsa. Haɗarinsa shi ne SUM ba ta yin ƙorafi, tsallake shi kawai take yi kamar babu komai a wurin. Gwajin mai sauƙi ne:

```
=COUNTA(F9:F13)-COUNT(F9:F13)
```

Na farko yana ƙirga duk akwatin da ba fanko ba, na biyu yana ƙirga masu lamba ta gaske kawai. Idan amsar ta wuce sifili, akwai rubutu da ya yi shigar lamba. Masu aiki a Nijar da na'urar da aka saita da Faransanci su ƙara lura a nan, domin a can waƙafi ne ke raba lamba da ɓangarenta, kuma fayil ɗin da ya zo daga Najeriya da farashi a rubuce da waƙafin dubbai yana iya rikicewa in an kwafa shi da hannu. Sunayen fomulolin ma daban ne, SUM a can SOMME ce.

Kafin ka bar layuka, karanta ma'aunin kowanne da baki. «Mutum 40, kwana 3, naira 5,000 kowane mutum a kowace rana.» Idan jimlar maganar ba ta zauna a baki ba, akwai matsala. Nan ne ake kama wanda ya sa albashin shekara a gurbin na wata, ko farashin katan a gurbin na ƙwaya ɗaya, abin da fomula ba za ta taɓa gani ba domin ita ninkawa kawai ta sani.

Zagaye na biyu: jimla ta hanya biyu

Gyara layi na 16 ya zama fomula. Yanzu jimlar bibiya ta koma 684,000, jimlar kuɗin aiki kuma 3,444,000. To wannan daidai ce? Sake danna akwatin jimla ka ga ya ba da lamba ɗaya ba dubawa ba ne, tambayar mutum ɗaya ce sau biyu. Jimla tana tabbata ne idan an iso gare ta ta wata hanya dabam wadda ba ta ratsa ta ƙananan jimloli ba. A wani akwati can gefe, rubuta:

```
=SUMPRODUCT(C5:C17,D5:D17,E5:E17)
```

Wannan yana ninka adadi da lokuta da farashi a kowane layi, ya tara su, bai kalli ginshiƙin F ba ko sau ɗaya. Layukan ƙananan jimloli ba su da komai a C da D da E, don haka ba sa shiga. Amsar ita ce 3,624,000. Ta kasafin kuwa 3,444,000. Giɓin 180,000 ne.

Yanzu karanta giɓin, domin yana faɗin sunan mai laifi. Nemi layin da jimlarsa ta yi daidai da shi: layi na 13, kayan rubutu, 180,000 cif. Danna akwatin F14 za ka tarar da `=SUM(F9:F12)`. An rubuta fomular lokacin da sashen horo ke da layi huɗu, daga baya aka tuna da kayan rubutu aka cusa sabon layi a ƙarshe, fomular kuwa ta tsaya inda take. Wannan ne ya sa na ce a gama da layuka tukuna. Da ka fara da jimla, giɓin da za ka gani 270,000 ne, haɗin kurakurai biyu, lambar da ba ta yi kama da kowane layi ba, sai ka ɓata awa guda kana neman abin da babu.

Kada wanda wannan ya same shi ya ji kunya fiye da kima. A 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗin Excel na fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, wanda suka gina bincikensu na 2010 a kan bashin ƙasashe da shi. Ya tarar fomular matsakaici ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje. Binciken da 'yan siyasa suka yi shekara uku suna kafa hujja da shi ke nan.

Giɓi yana da wasu harsunan. Idan ya ninka wani layi sau biyu daidai, to an tara abin da ya kamata a cire, kamar gudummawar da ƙungiya za ta bayar daga aljihunta. Idan babbar jimla ta ninka abin da kake tsammani, an ja SUM daga sama har ƙasa ta haɗiye layuka tare da ƙananan jimlolinsu. Idan ya yi daidai da sashe guda, an manta da sashen a fomular ƙasa. Idan kuwa naira ɗaya ce ko biyu, kobo ne da na'ura ke riƙe da su a ɓoye alhali tana nuna maka cikakkiyar lamba; maganinsa a sa ROUND a layukan da ake ɗaukar kaso, kamar `=ROUND(F20*7%,0)`, don mai dubawa a wancan ɓangaren zai iya tara lambobin da ya gani a takarda da kalkuleta, kuma naira ɗaya ta ishe shi ya fara shakkar sauran.

Duba lambobin layuka a gefen hagu ma. Idan sun yi tsalle daga 10 zuwa 12, akwai layin da aka ɓoye, kuma SUM tana tara ɓoyayyen layi kamar yadda take tara na fili. Haka nan leƙa Calculation Options ka tabbata yana kan Automatic, domin fayil ɗin da aka bari a Manual zai karɓi gyaranka ya ci gaba da nuna tsohuwar jimla.

Bayan gyaran F14, kuɗin aiki 3,624,000 ne, kashi 7 nasa 253,680, babbar jimla 3,877,680. Kurakurai biyu da suka haɗu 270,000 sun motsa jimlar da 288,900, saboda kuɗin ofis yana bin bayansu. Da an miƙa shi a yadda yake kuma aka amince, ƙungiyar ce za ta nemo wannan kuɗi, don masu tallafi lambar ƙasa suke sa wa hannu.

Sauran aikin wannan zagaye a wajen Excel yake. Babbar jimla takan bayyana a wuri huɗu ko biyar: shafin kasafi, shafin taƙaitawa, takardar bayanin shiri, wasiƙar rakiya, da fom ɗin da ake cikewa a intanet. Jera su a takarda ɗaya ka kwatanta lamba da lamba. Wasiƙar rakiya ce aka fi samu da tsohuwar jimla, domin ita ake fara rubutawa a kai wa shugaba ya sa hannu, kasafin kuma ya ci gaba da canzawa bayanta. Inda aka rubuta kuɗin da kalmomi, karanta kalmomin su ma.

Zagaye na uku: abin da lambobin suka ɗauka

A nan ne kuɗi mafi yawa yake ɓuya, kuma babu fomular da za ta taimake ka. Kasafinmu yanzu lissafinsa ba aibi, amma kowace lamba a ginshiƙan C da D da E wani ne ya yanke ta, bisa wani abu da ya ɗauka gaskiya ne. Aikinka ka tsaya a kan kowace ka tambaya: daga ina ta fito, kuma me zai sa ta zama ƙarya?

Fara da ɗora takardar bayanin shiri kusa da kasafin. Ja layi a ƙarƙashin kowane aiki da kowace lamba da ke cikin bayanin, ka nemo 'yar'uwarta a kasafi. Bayanin ƙungiyarmu ya ce za a ziyarci kowace makaranta sau biyu. Makarantu 8 sau biyu tafiya 16 ke nan, kasafi kuwa ya ce 12. Tafiya huɗu da suka ɓace, kowace da motar 45,000 da alawus ɗin mutum biyu na 12,000, sun kai 228,000. Sannan ka juya ka yi akasin haka: duk layin da ke kasafi, ina aikinsa a cikin bayani? Layin da ba shi da gida a bayanin shiri shi ne farkon abin da masu tallafi ke yankewa.

Sai abinci. An lissafa mutum 40 saboda mahalarta 40 ne. To masu horarwa biyu fa, da jami'in shiri da akanta da za su wuni a zauren? Ba wanda zai raba shinkafa ya tsallake malamin da ke tsaye gaban allo. Baki 44 ne, wato 660,000, ƙarin 60,000. In da direba ko baƙo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da zai buɗe taro, su ma a ƙirga su.

Hayar zaure kuma an ce 80,000 a rana. Wa ya faɗa, yaushe, kuma me ke ciki? Wannan ba a warware shi a kan tebur, waya ake ɗauka a kira mai zauren:

«Ranka ya daɗe, dubu tamanin ɗin nan da ka ce mana, har da haraji?»

«A'a Malam, haraji daban ne, a rasit ake ɗorawa.»

«To in an ɗauke wuta fa?»

«Janareto akwai, amma mai ku za ku zuba.»

Minti biyu, an gano abu biyu. Harajin da ake rubutawa VAT a rasit kashi 7.5 ne a Najeriya tun Fabrairun 2020, wato 18,000 a kan 240,000. A Nijar kuwa kashi 19 ne, wanda mantawa da shi ya fi ciwo nesa ba kusa ba. Man janareto mu bar shi a gefe tukuna, za mu dawo kan zauren. Darasin kiran shi ne duk wani farashi mai nauyi ya kasance da takardar farashi a rubuce, mai kwanan wata, wadda ta faɗi abin da ke ciki da abin da ba ya ciki. Wasu masu tallafin ba sa biyan wannan haraji kwata-kwata, don haka karanta ƙa'idarsu kafin ka ɗora shi.

Albashi yana da nasa ɓoyayyen nauyi. Naira 150,000 abin da ma'aikaci zai gani a takardar albashinsa ne, ba abin da ƙungiya za ta kashe a kansa ba. Dokar fansho ta Najeriya ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10, ma'aikaci kuma kashi 8. Na ma'aikaci daga albashinsa ake cirewa, don haka ba ya ƙara komai a kasafi, amma kashi 10 ɗin ƙari ne a sama. Idan ƙungiyar tana cikin tsarin, kuma muka ɗauka a kan dukkan albashin ake lissafawa, 126,000 ke nan da babu su a ko'ina. Irin wannan tambaya ta shafi masu horarwa: dubu hamsin ɗin kafin a cire harajin da doka ta ce a riƙe ne, ko abin da suke sa ran ya shiga asusunsu? A daidaita da su tun yanzu, ba ranar biya ba. Rabin lokacin akanta ma zato ne. Idan wasu shirye-shirye biyu sun riga sun ɗauki kashi 40 kowanne na lokacinsa, an sayar da mutum ɗaya kashi 130, kuma masu binciken kuɗi sun san inda ake neman wannan.

Tara abin da wannan zagaye ya tono: 228,000 da 60,000 da 18,000 da 126,000, jimla 432,000. Ya fi na zagaye biyun farko a haɗe. Kuɗin aiki ya koma 4,056,000, na ofis 283,920, babbar jimla 4,339,920. Kasafin da ya zo yana ƙasa da iyaka da rata mai faɗi, ashe ya haura ta da 339,920.

Komawa ƙarƙashin iyaka

Nawa ne mafi yawan kuɗin aikin da iyakar za ta ɗauka? A nan mutane da yawa ke zamewa. Sukan ɗauki kashi 7 na miliyan huɗu, 280,000, su ce saura 3,720,000 na aiki. Amma ƙa'idar ta ce kashi 7 na kuɗin aiki, ba na babbar jimla ba, kuma 280,000 a kan 3,720,000 ya haura kashi 7.5, an karya sharaɗi ke nan. Daidai shi ne a raba iyakar da 1.07, wanda ke ba da 3,738,317. Abin da za a rage daga 4,056,000 shi ne kimanin 317,700. Kullum ka nemi wurin da ƙa'idar ta faɗi a kan me ake ɗaukar kason, domin wasu masu tallafin sukan cire kayan aiki masu tsada daga ciki kafin a lissafa.

Jarabar da ke zuwa a wannan lokaci ita ce a shafa farashi: abinci ya sauko daga 5,000 zuwa 4,000, mota daga 45,000 zuwa 35,000, har lambar ƙasa ta shiga. A ganina wannan ya fi duk kurakuran baya muni, domin su ba da gangan aka yi su ba. Mai abinci ba ta karanta kasafinka ba, kuɗinta za ta karɓa. Idan za a rage kuɗi, aikin ne za a canza, kuma a canza shi a takardar bayani ma.

A misalinmu an duba inda makarantun suke, aka ga huɗu daga cikinsu bibbiyu ne a kan hanya ɗaya, ana iya gama kowane biyu a rana guda. Zagaye ɗaya ya koma tafiya 6, biyu 12. Lambar farko ta dawo, amma yanzu da dalili a bayanta, kuma an rubuta dalilin. An rage 228,000. Zaure kuma aka sami na wata makarantar sakandare a lokacin hutu a kan 55,000 a rana, komai da komai har wuta, wato 165,000 a maimakon 258,000, an rage 93,000. Kuɗin aiki ya tsaya a 3,735,000, na ofis 261,450, babbar jimla 3,996,450.

Ya shiga, amma da ratar naira 3,550 kacal, kuma akwai zato guda da ba mu taɓa ba: cewa farashin yau shi ne na ranar da za a kashe kuɗin. Tsakanin miƙa takarda da shigowar kuɗi watanni kan wuce. Duk wanda ya rubuta kasafi a Afrilun 2023 ya san abin da ya biyo bayan 29 ga Mayu, lokacin da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Don haka gwada layin da ya fi jin motsin kasuwa. Ɗaga hayar mota da kashi 20, daga 45,000 zuwa 54,000: ƙarin 108,000 ne a tafiya 12, kuma babu inda za a samo shi.

Lambar da ke taimakawa a nan ita ce abin da kowane mahalarci ɗaya ke ci: abinci 15,000, kuɗin mota 9,000, kayan rubutu 4,500, jimla 28,500. Rage mahalarta daga 40 zuwa 36 yana sakin 114,000, wanda ya rufe wancan ƙarin. Ko a yi hakan a buɗe layin ko-ta-kwana idan ƙa'idar masu tallafin ta yarda da shi, ko a bar 40 a karɓi haɗarin da ido biyu. Wannan ba hukuncin mai dubawa ba ne, na shugabannin ƙungiya ne; naka ka ajiye musu lambobin biyu a gaba. Idan tallafin da dala ne ko yuro, sa farashin canji a akwati ɗaya tak mai ɗauke da kwanan wata da inda aka samo shi, duk sauran akwatuna su ja daga can, sannan ka yi masa irin wannan gwaji sama da ƙasa.

Duk zaton da ya tsira, rubuta shi a ginshiƙin bayani kusa da layinsa, a gajarce: «Baki 44: mahalarta 40, masu horarwa 2, ma'aikata 2.» «Tafiya 6 sau biyu. Makarantu huɗu ana haɗa su bibbiyu.» «Farashin zaure na lokacin hutu ne.» Na ƙarshen nan yana ɗaure ranar horon da kalandar makaranta, don haka jadawalin aiki ma sai ya nuna haka. Kalli kalandar gaba ɗaya tunda ka buɗe ta: horon da ya faɗa cikin azumi yana canza layin abinci, ziyarar da ta faɗa tsakiyar damina tana iya mai da makarantu biyu a rana zuwa ɗaya, kuma shirin wata shida da ya fara a tsakiyar Janairu yana taɓa watannin albashi bakwai.

Tunda an yi gyare-gyare, an saka sabon layin fansho, an canza adadi, dole a maimaita zagaye na farko da na biyu, kuma a faɗaɗa iyakar SUMPRODUCT ta kai sabon layin ƙarshe, in ba haka ba gwajin kansa zai kamu da cutar da yake nema. Daga nan ka share ginshiƙin gwaji, ka fitar da fayil ɗin a siffar da za a tura, ka buɗe wannan ɗin ka duba: akwatin da ya yi wa lamba kaɗan yakan fito da ####, ginshiƙin ƙarshe kuma yakan faɗa shafi na biyu. Buga shi a takarda ka miƙa wa wani a ofis wanda bai sa hannu a rubuta shi ba, tare da kalkuleta da takardar bayanin shiri, ka roƙe shi ya tara ginshiƙin jimla da kansa ya kuma yi alama a duk lambar da bai gane inda ta fito ba. Sai bayan ya dawo da ita ne za a rubuta 3,996,450 a wasiƙar rakiya a kai wa shugabar ƙungiya ta sa hannu.